Jinga ko Albashi: Nasiha ga Ɗana Mai Koyon Zane a Kwanar Dangora

Ɗana, mahaifinka ya gaya mini halin da kake ciki. An yi maka tayin aiki a wata maɗaba'a a cikin birnin Kano, albashi naira dubu sittin a wata, kai kuma ranka ya fi kwanta maka da zama a gida, ka buɗe shafi a Fiverr ko Upwork, ka riƙa karɓar jingar zane daga ƙasashen waje ana biyan ka da dala. Ya ce in yi maka magana tunda na daɗe a harkar ɗab'i. Na ga gara in rubuta, domin akwai sa'o'inka da yawa a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada har Doguwa da ke juya wannan tunani, wasunsu ma ba su da wanda za su tambaya.

Ra'ayina zan faɗa maka tun farko, sai dalilai su biyo baya. Ka karɓi aikin maɗaba'ar, ka riƙe shi aƙalla shekara guda, ka gwada dandali ɗaya tak da daddare, kana rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita. Ranar barin albashi littafin lissafinka ne zai nuna maka ita. Ba na raina jingar intanet. Halal ce, akwai 'yan Najeriya da suke ci da iyalinsu da ita, kuma ina fatan wata rana ka shiga sahunsu. Abin da nake tsoro shi ne ka shige ta da ƙafa biyu tun hannunka bai faɗa ba.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ya ja hankalinka. Ka ɗauka wani ya ba ka aikin zana tambarin kamfaninsa a Fiverr a kan dala 30. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da mai zane ya samu, saboda haka dala 6 ta tafi, saura 24. Wannan 24 ɗin ba ranar za ka gan ta ba. Za ka yi aikin cikin kwana uku, mai aikin ya ce a gyara launi, ka gyara, ya ce a sauya rubutun, ka sauya. In ya amince ya danna karɓa, shi ke nan. In ya yi shiru, sai bayan kwana uku dandalin zai rufe cinikin da kansa. Daga nan kuɗin zai zauna kwana 14 kafin a sake maka shi. Sannan ka tura shi Payoneer, daga can zuwa bankinka, kowane mataki da ɗan abin da yake gutsira da kwanakin da yake ci. Daga ranar da ka fara aikin zuwa ranar da za ka ji ƙarar alat a wayarka, ka sa mako uku zuwa huɗu. Mu ƙaddara dala tana naira 1,500 don sauƙin lissafi, kai kuma ka sa farashin ranar da kake karantawa, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 canjin ba ya zama wuri ɗaya. Dala 24 ta zama naira 36,000, in an cire kuɗin turawa da bambancin canji sai ta dawo wajen 34,000.

Na san abin da ya zo maka a rai: aiki biyu kawai ya wuce albashin maɗaba'a. Haka ne, in aikin ya zo. Matsalar sabon shiga ita ce ba ya zuwa a jere. A Fiverr ba kai ke neman kwastoma ba. Kana baje hajarka ne, abin da suke kira Gig, ka jira mai saye ya bincika ya faɗo kanka. Shi kuma mai saye idan ya rubuta cewa yana neman mai zana tambari, dubban shafuka ne za su fito masa, na sama-sama kuwa na mutanen da suka tara ɗaruruwan yabo ne daga Pakistan da Bangladesh da Indiya da Legas, wasu ma farashinsu bai kai naka ba. Dandalin tamkar kasuwa ce da rumfarka ke can ƙuryar baya, ba a matso da kai bakin titi sai an ga ka yi ciniki, cinikin kuma ba ya samuwa sai ana ganin ka. A tsarin da Fiverr ya fito da shi a 2024, kafin ka hau matakin farko sai ka kammala aiki biyar, daga mutum uku daban-daban, ka tara dala 400, ban da sharuɗɗan yabo da saurin amsa saƙo. Da aikin dala 30, ka lissafa sau nawa za ka yi kafin ka kai 400.

To bari mu zana wata shida na farko, ba don na san gaibu ba, sai don ka ga yadda ake lissafin. A ce wata na ɗaya da na biyu shiru, na uku aiki ɗaya, na huɗu shiru, na biyar biyu, na shida uku. Aiki shida ke nan, naira 204,000 a hannu, wato 34,000 a kowane wata idan an raba. Yanzu cire abin da ka kashe. Data ba ta jiran ciniki, ko an saya ko ba a saya ba dole ka kasance a kan layi. A ce 12,000 a wata. Wuta kuma ka fi ni sanin halinta a garinku. Duk da tashar rarraba lantarki da ke nan Kwanar Dangora, ba ka isa ka yi wa baƙo alkawarin aiki gobe da safe kana dogaro da wutar Nefa kaɗai ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama abin taka-tsantsan. A ce 15,000 tsakanin fetur da cajin laftof a shago. Saura 7,000 a wata. Ban sa kuɗin manhaja ba, ga shi kuwa Adobe Illustrator haya ake biya duk wata, sama da dala ashirin. Ban sa ranar da batirin laftof zai mutu ka hau mota zuwa titin Beirut ba.

Shi ma albashin ba zan yi masa kwalliya ba. Dubu sittin bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 ba, balle 71,000 da gwamnatin Kano ta ayyana wa ma'aikatanta. Ƙananan maɗaba'u da yawa ba sa bin wannan ma'auni, wasu kuma sukan ja biya har tsakiyar wata. Zaman birni yana da cinsa: abinci, kuɗin adaidaita, da motar gida ƙarshen mako. In ba don kana da wurin kwana a gidan gwaggonka ba, da lissafin ya matse ƙwarai. Amma ko rabi ya rage maka, ya ninka dubu bakwai sau huɗu, kuma wuta da data da kwamfuta duk a wuyan mai gida suke.

Sai dai ba wannan ne babban dalilina ba. Babban dalilin shi ne abin da za ka koya a gaban injin, wanda waya ba za ta koya maka ba. Na ga zanen da ka yi wa makarantar Islamiyyar unguwarku na walimar sauka, kuma idonka yana da kyau, ka san inda ake barin fili. Amma da PixelLab ka yi shi a waya, an tura ta WhatsApp ya matse, da aka buga shi a fileks mai faɗin ƙafa shida fuskokin ɗalibai suka dusashe, koren da ka zaɓa mai haske ya fito kamar an jiƙa shi. Dalili shi ne allon waya da haske yake haɗa launi, tsarin da ake kira RGB, inji kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK, kuma akwai kore da shuɗi masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su. A maɗaba'a cikin mako guda za ka gane wannan, domin za ka ga takardar ta fito, mai gida ya ɗaga ta kusa da allon ya nuna maka. Za ka koyi cewa hoton da za a buga a takarda yana son 300 dpi a girman da za a buga shi. Za ka koyi barin rarar milimita uku a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta faɗa daidai kan layi, in ba haka ba katin biki ya fito da farin zare a baki. Za ka koyi mayar da rubutu zane kafin ka kai fayil wata kwamfutar, abin da a CorelDRAW ake yi da Convert to Curves, don kada haruffan su rikiɗe.

Ka lura da bambancin wurin da kuskure ke faruwa. A maɗaba'a idan ka ɓata aiki, mai gida zai yi faɗa, wataƙila ya cire maka wani abu, gobe ka dawo ka gyara, magana ta wuce. A dandali kuwa idan ka miƙa wa Ba'amurke tambari a matsayin hoton PNG alhali shi fayil ɗin AI ko SVG yake so, wanda za a iya faɗaɗawa har girman allon talla bai fashe ba, zai ba ka tauraro biyu ya rubuta dalili, wannan rubutun kuma zai zauna a shafinka kowa na gani. Mai yabo ɗari biyu ba ya jin tauraro biyu guda ɗaya. Mai yabo uku kuwa ta gama da shi. Haka idan ka harhaɗa tambari da hotunan da ke cikin Canva: ƙa'idarsu ba ta yarda a yi wa irin wannan rajistar alamar kasuwanci ba, ranar da mai aikin ya gano zai nemi kuɗinsa, kuma dandalin zai saurare shi.

Yanzu ga yadda za ka auna kowane dandali, domin na yau ba lallai su ne na gobe ba. Tambayar farko, tun kafin ka zana ko layi ɗaya: ta wace hanya kuɗin zai iso bankina a Najeriya? Ka buɗe hanyar, a tantance ka, ka ga ta yi aiki. An yi shekaru da dama PayPal yana barin ɗan Najeriya ya aika kuɗi amma ba ya barin sa ya karɓa, mutane da yawa sun yi aiki kuɗinsu ya maƙale saboda ba su duba wannan ba. Sunan da ke kan katin ɗan ƙasarka, da na banki, da na dandalin, su zama iri ɗaya harafi da harafi. Mu nan mukan rubuta Muhammad yau, gobe Mohammed, jibi a sa sunan gari a ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa a riƙe maka kuɗi makonni.

Tambaya ta biyu: nawa zan kashe kafin in samu aikin farko? A nan Upwork ya bambanta da Fiverr. A Upwork mai aiki ne ke sanar da buƙatarsa, ku kuma ku rubuta takardar nema, kowace takarda tana cin abin da suke kira Connects, kowane ɗaya senti 15. Idan aiki ya ci goma sha biyar, dala 2.25 ke nan, kusan naira 3,400 a kan nema ɗaya, ko an ɗauke ka ko ba a ko buɗe takardarka ba. Nema ashirin ya haura dubu sittin da bakwai, albashin wata guda da ɗoriya. Kason da Upwork ke cirewa bai kai na Fiverr ba, tun 2025 yana tsakanin sifiri da kashi 15 gwargwadon aikin, kuma yana da kyakkyawan tsari na sa mai aiki ya ajiye kuɗin a hannun dandali kafin ka fara. Amma wuri ne na wanda Turancinsa ya zauna, wanda zai iya karanta buƙatar mutum ya mayar masa da amsa a layi biyar da za ta nuna ya fahimta. Ga sabon shiga mai ƙaramin jari, ni Fiverr zan ce ka fara gwadawa, don baje haja a can kyauta ne, asararka lokaci ce kawai. Su kuwa wuraren gasa irin 99designs, inda mutum hamsin za su zana tambari a biya ɗaya, ka bar su tukuna. Kwana uku na wuta da data a kan wataƙila ba naka ba ne yanzu.

Akwai kuma maganar lokaci da ba a cika faɗa ba. Tsakaninmu da New York awa biyar ne ko shida, gwargwadon lokacin shekara. La'asar ɗinsu bayan isha'inmu ce. Fiverr yana auna ko ka amsa saƙon farko cikin awa 24, amma a zahiri mai saye yakan tura wa mutum huɗu, wanda ya riga amsawa shi ke ɗauka. Wannan ya zo daidai da shawarata: da rana kana maɗaba'a, bayan isha'i ka ba dandali awa biyu. Kada ka wuce haka har ka riƙa makara sallar asuba da wurin aiki, kuma kada ka yi jingarka a kwamfutar mai gida ko a lokacinsa sai da saninsa. Amana ce.

Abu biyu ina roƙon ka da girman Allah ka nisance su. Za ka haɗu da masu cewa 'yan Najeriya ba sa samun aiki, gara ka sayi tsohon shafi ko ka ɓoye ƙasarka da VPN ka ce kana Ingila. Ƙarya ce ka gina sana'a a kanta, kuma ranar da aka ce ka ɗora katin shaida ka ɗauki hoton fuskarka, shafin da kuɗin da ke ciki sun tafi tare. Na biyu, duk wanda ya turo maka saƙo a dandali ya ce ku koma Telegram, ko ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka babban aiki, ko ya turo maka mahaɗi ya ce ka sa lambar katinka don karɓar biya, ɗan damfara ne. Sababbin shafuka suke bi, domin sun san mai jiran aikin farko yana cikin zumuɗi. Mai aikin gaske ba ya karɓar ko sisi a hannun ma'aikaci.

Bari in juyo da kai gida, don ina ganin kun tsallake wata kasuwa kuna hangen ta nesa. Garinku mararraba ce: titin Kano zuwa Zariya ya ratsa, ga hanyar da ta balle ta bi Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos. Masu casar shinkafa a Tudun Wada suna son suna da tambari a buhunsu. Masu sayar da taki da maganin feshi suna son allon shago. Makarantu na son kalanda da takardar shaida, ga katin ɗaurin aure da sitika bayan kaka in kuɗi ya shigo hannun manoma. Kuɗin kowane aiki kaɗan ne, amma babu mai cire kashi ashirin, babu jiran kwana 14, ana turo maka ta Opay ko Moniepoint kana tsaye. Sharaɗi ɗaya: ka karɓi rabin kuɗin kafin alƙalami, sauran kafin ka saki fayil mai kyau, samfurin da za ka tura kuma ka sa masa sunanka a tsakiya. Wannan ya fi zama dole a fostar 'yan siyasa. Kakar zaɓe aiki yakan yi yawa, amma wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci kuma ba ya samuwa. Idan kana maɗaba'a a Kano, kai ne za ka zama gada: ka karɓo aiki a gida ranar Lahadi, ka zana, a buga a wurinku da farashin ɗan gida, ka sa a mota a tasha. Waɗannan ayyuka na gaske, da hotonsu a jikin buhu da bangon shago, su ne za ka baje a shafinka, kuma sun fi tambarin kamfanonin da ka ƙirƙira a ka nauyi.

Har a dandalin ma, abin da ka fi Bafakistane da shi shi ne Hausa. Ƙungiyoyin lafiya da na noma da ke aiki a Arewa da Nijar suna buƙatar fosta da ƙasida da Hausa, kuma mai zanen da bai san harshen ba yakan zaɓi salon rubutun da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito akwati-akwati ko a mayar da su k da d da b, ma'ana ta lalace. Kai ka san Noto Sans da Andika suna ɗauke da su, ka san inda ya halatta a yanke kalma, kuma karatun allo ya ba ka ido a kan ajami. Masu neman wannan ba su da yawa, amma masu iya shi sun fi su ƙaranci. A kansa za ka gina Gig ɗinka na farko, maimakon ka shiga turmutsutsun masu tambari.

Ga ƙannenka mata da ke koyon wannan sana'a, waɗanda zaman Kano ba zai yiwu musu ba, lissafin ya ɗan sauya. Su aikin gida ta WhatsApp shi ne farko, su nemi maɗaba'a ɗaya da za su riƙa tura wa fayil, su roƙi a turo musu hoton abin da ya fito da bayanin kuskure, kuɗin farko da ya taru kuma ya tafi ga ƙaramin sola kafin sabuwar waya.

Sai yaushe za ka bar albashi? Ka sayi littafi mai layi, shafi ɗaya ga kowane wata. A dama ka rubuta abin da ya shiga bankinka da naira, ba abin da dandali ke nuna maka da dala ba. A hagu data, wuta, manhaja, gyara, mota. A ƙasa awannin da ka kashe, har da na amsa saƙo da gyare-gyare. Idan ribar jinga, ta waje da ta gida a haɗe, ta kai albashinka sau ɗaya da rabi wata shida a jere, kuma ba daga mutum ɗaya take zuwa ba, kuma ka ajiye abin da zai riƙe ka wata uku ko ba ciniki, kuma kana da laftof naka da wutar da ba ta jiran Nefa, to ka zo mu yi shawara. Na ce ɗaya da rabi ne saboda mai jinga ba shi da albashin ranar ciwo, kuma dandali na iya rufe shafi ko sauya kasonsa ba tare da ya tambaye ka ba. Na ce wata shida ne don lissafin ya haɗa da damina, lokacin da kuɗin mutanenmu ke gona.

Kafin ka ce wa mai maɗaba'ar ka amince, ka je da mahaifinka ku zauna da shi. Ku tambayi ranar biya da lokacin tashi. Ka tambaya ko za a bar ka kusa da inji da wurin yanka, ko kuwa buga takardu da hoton fasfo kawai za a ajiye ka yi, domin in na biyun ne rabin amfanin aikin ya tafi, gara a nemi wani wurin. Ka gaya masa tun yanzu cewa kana karɓar ƙananan ayyuka daga gida kuma a wurinsa za ka riƙa bugawa, ku yanke farashin da zai yi maka. Ka kuma nemi izininsa a kan sa hoton ayyukan da ka zana a shafinka, a rubuta abin da kuka amince a takarda, kowa ya riƙe kwafi. Allah ya yi maka albarka, ya sa hannunka ya faɗa.